Yadda Ake Tambayar Dila Ragin Biya da Wuri, da Sharuɗɗan da Za Ka Ji Kafin Ka Tura Kuɗi

Yawancinmu masu shagon kayan masarufi da ke sari a Kasuwar Singa ta Kano da bashi muke juyawa. Ka ɗauki kaya yau, dila ya ba ka sati biyu ko wata guda, ka sayar ka kawo masa kuɗinsa. Amma akwai lokacin da kasuwa ke buɗewa, kuɗin kayan su haɗu a hannunka tun kwana takwas ko goma, alhali wa'adi da saura. A nan ne mutum zai iya samun wani abu idan ya san yadda ake tambaya, domin kuɗin da ke zaune a asusunka suna jiran ranar biya, dila yana bukatarsu fiye da yadda kake zato. Shi ma yawanci sai ya tura wa kamfani kuɗi kafin a yi masa lodi, kuma kowace rana da kuɗinsa ke waje rana ce da bai juya su ba. Saboda haka wasu diloli suna yarda su rage maka wani abu idan ka biya kafin lokaci. Ba kasafai suke tallata wannan ba, sai wanda ya tambaya.

Tambayar kanta ba ta da wuya. Inda ake faɗuwa shi ne a tsaya a kan "nawa za a rage?" a manta da sharuɗɗa. Na taɓa ɗaukar kayan naira 800,000 a wurin wani dila, muka yi magana da baki cewa in na biya cikin kwana goma zai rage kashi biyu cikin ɗari, wato naira 16,000. An rubuta takardar kayan ranar Litinin, amma motar ba ta sauke mini ba sai Alhamis. Na ƙirga daga Alhamis, na biya ranar Asabar ta satin gaba, a lissafina kwana tara ke nan. Akawunsa ya buɗe littafi ya nuna mini kwanan watan da ke kan takarda, ya ce kwana goma sha biyu. Bai cuce ni ba, ni ne ban tambaya daga wace rana ake ƙirge ba. Na ba da kuɗina kusan sati uku kafin wa'adi, ban samu ko sisi ba. Tun daga ranar na sauya yadda nake yin wannan magana, kuma shi ne abin da zan shimfiɗa a nan.

Kafin ka je wurinsa

Da farko ka duba littafinka. Wata nawa ka yi kana ɗaukar kaya a wurin wannan mutumin, na nawa kake ɗauka a wata, kuma sau nawa ka wuce wa'adi? Idan akwai tsohon bashi a kanka, ka share shi kafin ka buɗe baki. Wanda ake bin sa ragowar kuɗin watan jiya ba shi da bakin neman ragi, kuma ko an yi masa alkawari, duk abin da ya tura akawu zai fara toshe tsohon ramin da shi, sabuwar takardar ta zauna ba a biya ba.

Sai ka san farashin kuɗi hannu na kayan da kake ɗauka. Ka zaga wurin diloli biyu ko uku ka tambayi nawa katan ɗin taliya, nawa buhun sukari, nawa jarkar mai idan za a biya nan take. Ka kwatanta da farashin da ake rubuta maka a bashi. Sau da yawa za ka tarar akwai ɗan bambanci, kuma wannan bambancin shi ne kuɗin wa'adin da kake biya ba tare da an kira shi da sunansa ba. Idan ana ba ka katan a kan naira 20,400 a bashi alhali lakadan 20,000 ne a layin, to ragin kashi biyu cikin ɗari bai wuce mayar da kai farashin kasuwa ba. Ba laifi ba ne, amma gara ka sani, don kada ka ɗauka an yi maka alfarma.

Abu na uku, ka tabbatar da gaske za ka iya. Ka duba cinikin wata uku da suka wuce ka ga a rana ta nawa kuɗin kaya ke haɗuwa. Idan sai rana ta goma sha biyar suke cika, kada ka je kana neman sharaɗin kwana bakwai. Ka nemi abin da cinikinka zai ɗauka ba tare da ka taɓa kuɗin haya ko na abincin gida ba.

Wa za ka tambaya, kuma yaushe

Yaron shago ba ya rage kuɗi, haka ma direban da ke kawo kaya. Wakilin kamfani mai zagawa da mota zai iya ce maka "ba matsala" don ya cika adadin da aka ɗora masa na wata, amma ba shi ne ke riƙe da littafin bashi ba. Mai dukiyar za ka samu, ko manajan da ya wakilta, kuma ya fi kyau akawu ko kashiya na kusa yana ji, domin shi ne zai aiwatar.

Lokaci mafi kyau shi ne kafin a rubuta takardar sabon kaya, lokacin da ake kan ciniki. A wannan gaɓar kana da zaɓi, shi ma yana son sayarwa. Idan kaya sun riga sun kwana a sitonka, bashi ya tabbata, magana ta zama roƙo, kuma akwai batun shari'a da zan zo kansa. Kada kuma ka tare shi da safe lokacin da motoci ke lodi, masu dako na shiga da fita, waya biyu na kunnensa. Ka bari rana ta yi sanyi, ko bayan an idar da sallar azahar ya zauna. Ka yi maganar ku biyu, ba a gaban sauran masu sari ba, domin dila na iya hana ka abin da zai iya ba ka saboda tsoron kowa ya ce sai an yi masa.

Yadda ake buɗe maganar

Kada ka fara da kuka. Wanda ya ce "kasuwa ba daɗi, a taimaka a rage mini" ya nuna rauni ne, kuma dila zai fara tunanin ko kuɗinsa na cikin haɗari. Kai abu ka kawo masa: kuɗinsa da wuri. Bayan gaisuwa, ga yadda nake cewa:

"Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kusan shekara biyu ke nan ina ɗaukar kaya a nan, kuna ba ni wata guda, kuma alhamdu lillahi ban taɓa saɓawa ba. Yanzu ina ganin zan iya kawo kuɗin tun kafin wa'adi. Shi ne na ce bari in tambaya, akwai wani ragi da kuke yi wa wanda ya biya da wuri?"

Daga nan sai ka yi shiru. Kada ka riga shi faɗin adadi. Idan yana da tsari, zai faɗa maka, wataƙila ma ya fi abin da ka yi niyyar nema. Idan ya ce, "Kamar nawa kake so?" sai ka ba shi magana mai kai da ƙafa: "Ranka ya daɗe, a kayan miliyan ɗaya da rabi, in na biya cikin kwana goma maimakon talatin, a rage mini kashi biyu da rabi." Ka ɗan ɗaga sama da abin da za ka karɓa, amma kada ka yi nisa. Ribar dila a kan kayan abinci siririya ce, musamman sukari, fulawa da mai. Wanda ya nemi kashi goma a kan irin waɗannan ya nuna bai san kasuwar ba, kuma ya kashe maganar da kansa.

Sharuɗɗan, ɗaya bayan ɗaya

A ce ya amsa: "To, kashi biyu in ka biya cikin kwana goma." Nan mutane ke godiya su tashi, alhali yanzu aikin ya fara.

Tambaya ta farko ita ce wadda ta ci ni: daga wace rana ake ƙirge? Akwai rana uku da za a iya nufi, ranar da aka rubuta takarda, ranar da kaya suka bar sito, da ranar da suka iso shagonka. Idan a cikin gari kake kuma da kanka kake ɗauka, duk rana ɗaya ce. Amma mai sari daga Gumel ko Daura ko Azare, ko wanda ke jiran motar dila, zai iya rasa kwana biyu ko uku a tsakani. Ka nemi a ƙirga daga ranar da ka sa hannu ka karɓi kaya. In ya ƙi, ka karɓi ranar takarda, amma ka ce a faɗi kwanan watan ƙarshe ƙarara: "Wato ranar 14 ga wata ce ta ƙarshe ko?" Ka kuma tambaya idan ranar ta faɗo Lahadi ko ranar hutun Sallah, ana ɗagawa zuwa washegari ne ko dole a biya kafin nan.

Ta biyu: me ake kira "an biya"? A wurinka biya shi ne ka danna tura kuɗi a waya. A wurinsa biya shi ne ya ga alat. Duk mun san yadda tiransifa ke maƙalewa, an cire maka amma ba ta shiga can ba, wani lokaci har ta kwana. Idan cak za ka bayar, a wurin mafi yawan diloli ba ka biya ba sai banki ya tabbatar kuɗin sun shiga. Don haka ka tambaya, kuma ko me ya ce, kada ka bari sai ranar ƙarshe da yamma. Ni kwana biyu nake bari a tsakani. Ka duba kuma iyakar abin da bankinka ke bari ka tura a rana ɗaya, kada ranar ta zo ka tarar sai ka raba kuɗin gida biyu, rabi ya tsallake wa'adi. A nan ne kuma za ka tambayi asusun da za a tura. Asusun shagon ko na mai shagon da ya faɗa da bakinsa, ba na yaro ko wakili ba, ko da an ce maka "na kamfani yana da matsala yau". In aka ce haka, ka kira maigidan ka ji daga bakinsa.

Ta uku: a kan wane kuɗi ake cire kashi biyun? Takardar kaya takan haɗa abubuwa da yawa: kuɗin kaya, kuɗin mota, kuɗin lodi, wani lokaci da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da manyan kamfanoni ke rubutawa a kan kayan da harajin ya shafa. Galibi ragin a kan kuɗin kaya tsura yake. Wasu kuma sukan ware kayan da ribarsu ba ta da yawa, su ce ban da sukari, ko ban da kayan da aka riga aka yi wa garaɓasa. Idan rabin kayanka sukari ne, kashi biyun ya koma kashi ɗaya ke nan a kan jimilla.

Ta huɗu: ta yaya ragin zai zo hannuna? Hanya mafi tsafta ita ce ka cire da kanka ka tura ragowar. Amma wasu za su ce ka biya duka, a rubuta maka ragin a littafi, a cire a sari na gaba. Wannan ba laifi idan dama za ka dawo, sai dai ka nemi shaida a rubuce, kuma ka gane cewa an ɗaure ka da wani sarin. Wasu kuma da kaya suke biya: "Za mu ɗora maka katan ɗaya da rabi." In haka ne, ka tambayi wane kaya. Katan ɗin abin da ke tafiya a shagonka kamar kuɗi ne. Katan ɗin biskit ɗin da ya rage wata biyu ya lalace, ko wani sabon lemo da ba wanda ya sani, an rage wa sito nauyi ne kawai da sunanka. Ka ƙimanta shi a farashin sari, kuma ka juya katan ɗin ka karanta kwanan watan da ke jiki.

Ta biyar, wadda mutane da yawa ba su san ana tambaya ba: in na biya wani sashe fa? A ce kayan na miliyan ɗaya da rabi ne, amma a rana ta goma abin da ke hannunka bai kai ba. Wasu diloli sai an biya duka suke ragi. Wasu sukan yarda a yi ragin a kan abin da aka kawo. Idan ya yarda, lissafin haka yake: ka tura naira 980,000, a share maka 1,000,000 daga bashin, sauran 500,000 su jira ranar talatin a farashinsu. Ka tabbatar akawu ya fahimci haka, domin in ba haka ba zai rubuta 980,000 kawai, ya bar ka da 520,000.

Ta shida: kayan da suka zo a fashe ko ba su cika ba. Idan ka biya da wuri kafin a daidaita wannan, ƙarfinka ya ragu, tunda kuɗin sun riga sun tafi. Ka nemi a yarda cewa za a cire kuɗin ɓarnar tukuna, sannan a yi ragin a kan abin da ya saura. Shi ya sa ƙirga kaya a ranar da suka sauka, a gaban direba, ya zama dole ga mai son wannan tsari.

Akwai tambaya ta ƙarshe da nake ganin ta fi duk sauran nauyi, ko da yake ba ta da lissafi. Ka ce: "Alhaji, watan da ban samu biya da wuri ba, wa'adina na kwana talatin yana nan yadda yake?" Dalili shi ne, da zarar ka nuna kana iya biya cikin kwana goma, wani dilan zai ga ba ka bukatar wata guda, ya fara matsa maka tun rana ta goma sha ɗaya. Wa'adin da ka gina da amana shekara da shekaru jari ne, a watan da kasuwa ta tsaya shi ne ke riƙe shago. Kada ka sayar da shi a kan naira dubu talatin. Ragin ya zama zaɓi ne a gare ka, kuma a faɗi haka a fili.

Idan kana hulɗa da babban kamfani ko kana shigo da kaya daga waje, za ka iya ganin an buga `2/10 net 30` a ƙasan takarda. Ma'anarsa kashi biyu cikin ɗari na ragi idan aka biya cikin kwana goma, in ba haka ba a biya duka cikin kwana talatin. Ko ka ga wannan rubutun, tambayoyin nan suna nan, domin bai faɗi me ake kira biya ba, bai kuma faɗi hukuncin biyan sashe ba.

Ka koma gida ka yi lissafi

Ba dole ka amsa nan take ba. Ka ce za ka duba ka dawo. Mu ɗauki kayan naira 1,500,000, wa'adi kwana talatin, ragi kashi biyu in an biya a rana ta goma. Ragin naira 30,000 ne, za ka tura 1,470,000. Abin da ka bayar shi ne amfanin waɗannan kuɗi na kwana ashirin, abin da ka samu 30,000.

Kashi biyu kamar ba komai, amma ka duba kwanakin. Kwana ashirin suna shiga shekara sau goma sha takwas da ɗan ɗoriya. Idan kowane kwana ashirin kuɗinka na kawo kashi biyu da ɗigo, a shekara ya kai wajen kashi 37 cikin ɗari, kuma ba dako, ba kuɗin mota, ba kayan da za su lalace, ba mai cin bashi ya gudu. Idan dama kuɗin a asusu za su zauna suna jiran ranar biya, ba abin tunani, ka karɓa.

Amma idan kana da inda za ka juya su, sai a auna. A ce za ka iya sayo wasu kaya da 1,470,000 ɗin, masu ribar kashi huɗu. In duk suka ƙare cikin kwana ashirin, ribar 58,800 ce. Cire mota da dako, a ce 15,000, saura 43,800. Wannan ya fi 30,000, don haka juyawar ta fi. To amma ka yi wa kanka gaskiya: za su ƙare? Idan rabi kawai ya fita, ribar 29,400 ce, bayan mota saura 14,400, ga kuma ranar talatin ta iso kuɗin dila na kwance a kan kanta. A shago irin nawa, inda masu saye ba sa ƙaruwa don na ƙara kaya, yawancin watanni ragin ne ke cin nasara. Gab da azumi kuwa, lokacin da sukari, madara da mai ke fita kamar ana rabawa kuma farashi ke hawa, nakan riƙe kuɗina in ƙara kaya, in biya a ranar talatin.

Tsawon wa'adi ma yana sauya lissafin. Idan dila na ba ka kwana sittin, sannan ya ce kashi biyu in ka biya a rana ta goma, kwana hamsin ka sayar masa a kuɗin da wancan ya sayi ashirin. A shekara bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. A irin wannan kana da hujjar neman ƙari, ko ka ce a matsar da ranar ragin zuwa kwana talatin.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cin bashi a wani wuri don a samu ragin. Ko ba a yi maganar ruwa ba, ka sauya mai bin ka da ya san ka da wanda bai san ka ba.

Batun halasci

Ɗan kasuwa Musulmi zai so ya san matsayin wannan, kuma akwai magana a kai tun da daɗewa. Idan bashi ya riga ya tabbata da wa'adinsa, sannan aka ce "rage mini in biya ka yanzu", wannan ita ce mas'alar da malamai ke kira "da' wa ta'ajjal". Mafi yawan malaman mazhabobi, har da Malikiyya da muke bi a nan, sun hana, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗi cewa bai halatta a rage bashi don a gaggauta biyansa ba. An ruwaito halasci daga Ibn Abbas, kuma Ibn Taimiyya da Ibn Ƙayyim sun zaɓi wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi da sharaɗin kada ya zama an shardanta tun farko, kuma ya kasance tsakanin mai bashi da wanda ake bi kawai, ba wani na uku a tsakani.

Hanyar da nake bi, wadda ta fi kwantar mini da hankali, ita ce in yi tambayar kafin a ƙulla ciniki, in kuma fita da farashi ɗaya. In ce, "Alhaji, nawa ne in zan biya cikin kwana goma, nawa ne in wata guda?" Ya faɗi biyun, in duba aljihuna, in zaɓi ɗaya, a rubuta takarda a kansa. Mafi yawan malamai sun yarda farashin ajali ya ɗara na lakadan, muddin an rabu a kan guda ɗaya sananne. Sai dai ka lura, a wannan hanyar in ka zaɓi kwana goma, wa'adinka a wannan sarin kwana goma ne, ba ka da talatin a baya. Don haka zaɓin yana faruwa ne a kowane sari, kafin a rubuta takarda. Tsarin da aka bar ƙofa biyu a buɗe bayan an ɗauki kaya, irin na takardun kamfanoni, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ka karanta masa sharuɗɗan yadda suke, ka ji fatawarsa kafin ka shiga.

A rubuta

Abin da aka yi da baki a cikin hayaniyar kasuwa, bayan sati biyu kowa da yadda zai tuna shi. Neman rubutu ba rashin yarda ba ne, kuma akwai yadda ake yi ba tare da an ɓata wa kowa ba. Mafi sauƙi shi ne akawu ya rubuta a jikin takardar kayan: farashin da aka tsayar, ranar ƙarshe, ya sa hannu. In hakan bai samu ba, da ka isa shago ka tura wa maigidan saƙo a waya:

"Salamu alaikum Alhaji. Don tuni kan maganarmu ta yau: kayan da na ɗauka na naira 1,500,000, mun tsaya a kan zan biya 1,470,000 zuwa ranar 14 ga wata, a asusun shago. In an samu fasasshe za a cire kuɗinsa tukuna. Sari na gaba in na zaɓi wata guda, yana nan kamar da. In akwai gyara a sanar da ni. Allah ya saka da alheri."

Ka jira ya amsa, ko da "To, haka ne" kawai, ko saƙon murya. Ka ajiye.

Ranar biya, ka sake lissafi da abin da ya faru a zahiri. A ce cikin kayan nan an samu na naira 60,000 da suka fashe aka mayar. Kuɗin kaya ya koma 1,440,000, kashi biyunsa 28,800, abin turawa 1,411,200. Ka rubuta lambar takardar a wurin bayanin tiransifa, ka tura hoton shaidar biya ga akawu tare da wannan lissafin layi uku, sannan ka nemi rasit da ke nuna an biya takardar duka, babu saura. Wannan kalmar "babu saura" ita ce abin nema. Alamar cewa wani abu ya karkace ita ce ka zo sari na gaba ka ga an ɗoro maka 28,800 a matsayin tsohon bashi. Yawanci ba mugunta ba ce, maigida ne bai gaya wa akawu ba. In ka kama shi a satin, da saƙon nan a wayarka, minti biyar ya isa a gyara. In ka bari ya yi wata shida yana tafiya daga shafi zuwa shafi, sai an yi zaman sulhu.

In ya ce babu

Wasu za su ce maka gaskiya ribar ba ta kai ba, kuma sau da yawa gaskiyar ce. Kada ka ja, kada ka yi barazanar komawa wani wuri. Ka tambayi abin da ba zai ci masa kuɗi sosai ba amma zai amfane ka: ya kai maka kaya da motarsa kyauta in tana bin hanyarka, ya riƙe maka tsohon farashi na kwana biyu ko uku idan kamfani ya ƙara kuɗi, ya sa ka a gaba ranar da kaya suka yi ƙaranci, ko ya ƙara yawan kayan da yake ba ka bashi. Riƙe tsohon farashi kaɗai, a lokacin da kaya ke tashi, yakan fi kashi biyun. Waɗannan ma ka tambayi sharaɗinsu kamar yadda ka tambayi na ragi: a kan kayan nawa, zuwa yaushe, wa zai sanar da direba.

In duk babu, ka yi godiya, ka ci gaba da biya a ranar talatin cif, kada ka riƙa kai kuɗi da wuri kyauta da fatan zai ji kunya ya rage. Bayan wata uku ko huɗu, musamman wajen ƙarshen wata lokacin da yake haɗa kuɗin lodi, ka sake tambaya.